Goggo Mai Gas da Sittin Biyu

Duk asibitin Goggo Mai Gas ake ce mata, kuma sunan ya sha jawo mata rigima. Akwai ranar da wani bawan Allah ya shigo har sashen gaggawa da tukunyar gas a kafaɗa, yana tambayar inda ake cikawa, wai an ce masa matar tana nan ciki. Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, nawa gas ɗin a cikin jini yake. In kana so miƙo hannu." Mutumin ya juya da tukunyarsa ba ko sallama.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Shekara goma sha tara ina zaune a wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen barandar gaggawa, kusa da famfon da ba ya rufuwa sosai, ina kula da injin da ke auna iskar da ke cikin jini. Ana ɗibar jinin ne daga jijiyar da ke bugawa a wuyan hannu, a kawo mini da sauri, in sa a injin, bayan minti biyu ya tofo 'yar takarda siririya. Nawa aikin ke nan. Karanta takardar kuwa, a duk waɗanda na gani, likita ko nas, ban ga wanda ya kai Goggo ba.

Ba da farar riga ta fara ba. Da tsintsiya da bokiti ta shigo asibitin, tana da shekara ashirin da biyu da goyon ɗanta na fari. Shekara shida tana goge ƙasa tana kasa kunne. Mijinta, mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa, mutum mai sanyin hali, shi ya matsa mata ta koma karatu. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar shiga makarantar jinya, duka a lissafi. A karo na uku ya zaunar da ita a shagonsa yana koya mata da 'yan ƙusoshin agogo, har ta haye. Har gobe in aka yi maganar sai ta ce, "Malam ne ya ci jarrabawar, ni dai na riƙe masa biro."

Yadda ta fara son takardar nan, ita da kanta ta ba ni labari. Tana sabuwar nas aka kawo wani magidanci yana numfashi da ƙarfi, yana ja mai zurfi kamar wanda ya yi gudu. Ta ce asma ce, ta ruga ta haɗa masa maganin shaƙa. Sai wani tsohon likita da ake kira Mai Alli, don kullum aljihunsa da guntun alli, ya zo ya saurari ƙirjin, ya sa aka ɗebi jini. Da takarda ta fito ya kira ta.

"'Yata, zo ki gani. Huhun mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Taimako yake yi, ke kuma kina zarginsa."

Ya durƙusa ya rubuta lamba uku a kan siminti. Ta farko pH, ma'aunin tsamin jini. Mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, in ta sauka ƙasa jini ya yi tsami. Ta biyu iskar kabon, wadda muke fitarwa in mun saki numfashi. Daidai ɗinta 35 zuwa 45, in ta taru tana tsamama jini. Ta uku bikabonet, sinadarin da ƙoda ke tanada don kashe tsami, 22 zuwa 26. Na magidancin nan pH ta sauka 7.22, kabon 20 kacal, bikabonet 8. Ciwon suga ne ya zuba masa tsami a jini ya cinye bikabonet, huhu kuma ya dage yana korar kabon don rage ɓarnar. Ruwa da insulin yake buƙata, ba maganin shaƙa ba. Bayan kwana uku ya fita da ƙafarsa.

Goggo ta ce ranar ba ta bari an goge simintin ba sai da ta kwafe a bayan hannunta. Daga nan duk takardar da ta fito sai ta karɓa ta duba, ta faɗi abin da take tsammani, sannan ta jira ta ji ko likita zai faɗi haka. Ita ce ta laƙaba wa bikabonet suna kanwar ƙoda, don ta ce aikinsu ɗaya, kashe tsami. Yanzu har likitocinmu haka suke cewa in babu baƙo.

Lokacin da na zo aiki ta riga ta zama babbar nas a gaggawa. Gajeriya ce, mai kauri, tana tafiya takalminta na roba yana ƙara kamar ɓera. Ba ta aiko mini kowa da jini in tana da hali, da kanta take kawowa, ta riga ta fitar da kumfar iska daga sirinji ta toshe bakinsa, ta rubuta yawan oksijin da mara lafiya ke sha a jiki. Ta tsaya a kaina tana buga ƙafa.

"Ƙanena, injin nan naka ya karya kumallo kuwa?"

"Goggo, minti biyu ne fa."

"Minti biyunka ya fi na kowa tsawo."

Abin da nake so in ba da labari ya faru wata Talata da hantsi. Wata motar haya ta faɗi a kan hanya, aka cika mana baranda da masu karaya. Likita ɗaya ce a kan aiki, wata doguwa mai tabarau, ƙwararriya ce amma hannu biyu gare ta kamar kowa. Ana cikin wannan aka kawo mutum biyu masu sarƙewar numfashi, kusan a tare.

Na farko wani dattijo ne mai gidan burodi. Shekara arba'in yana gaban tanda yana shan hayaƙin itace, ga taba da ya daɗe yana zuƙa kafin ya bari. 'Ya'yansa maza huɗu suka ɗauko shi, ƙarti, dukkansu da garin fulawa a gira. Yana tari, ƙirjinsa yana kuka ana ji daga ƙofa, leɓɓansa sun yi duhu. 'Ya'yan suka cika ɗakin da hayaniya.

Ta biyu wata tela ce mai kimanin shekara talatin, mai asma tun tana ƙarama. Tun asuba take fama, ta shaƙi maganinta har ya ƙare. Mijinta ne ya kawo ta, wani siriri mai kunya, ya tsaya a gefen gado riƙe da takalmanta. Da farko tana ta huci tana riƙe ƙarfen gado. An sa mata oksijin da maganin shaƙa, bayan ɗan lokaci sai ta yi shiru, ta jingina, idonta a lumshe. Mijin ya ce wa wata nas, "Alhamdulillahi, ta samu sauƙi, barci take ji."

Likita ta leƙa su duka biyun, ta ba da umarnin magani, ta ce a ɗebi jinin gas, ta koma kan wani da jini ke zuba daga cinyarsa. Goggo ta ɗebi na dattijon, ta sa babban ɗansa ya danne wurin da auduga. "Minti biyar, kada ka ɗaga ka leƙa." Ta ɗebi na telar, ta sa mijin ya ajiye takalman ya danne. Sai ga ta a ɗakina da sirinji biyu.

Takarda ta farko ta fito, ta dattijon. Ta biyu ta biyo. Kafin Goggo ta karɓa, wayar ɗakina ta yi ƙara. Likita ce, daga ɗakin ɗinki.

"Gado ɗaya ya rage a sashen kulawa ta musamman, suna jira in faɗa musu wa zan tura. Nawa ne kabon?"

Na duba na ce, "Likita, sittin."

"Na wa?"

"Duka biyun. Sittin da sittin."

Na ji tana cewa wani ya riƙe mata almakashi. Sannan ta ce, "Tsohon ne oksijinsa ya fi ƙasa, tamanin da tara na gani a na'urar da ke yatsansa. Matar kuma an ce ta lafa. Ku shirya tsohon, ina zuwa."

Goggo ta fizge wayar daga hannuna. Ban taɓa ganin ta yi haka ba.

"Likita, ni ce. Ki ba ni rabin minti in karanta miki sauran. Na Baba: pH 7.36, kabon sittin, kanwa talatin da uku. Na yarinyar: pH 7.26, kabon sittin, kanwa ashirin da shida."

Sai muka ji ta cikin wayar an ajiye ƙarfe a faranti.

"Ga ni nan," in ji likita.

Ni a lokacin na san lambobin, amma ban haɗa su da sauri kamar su ba. Daga baya Goggo ta warware mini a tsanake. Ƙoda ba ta da gaggawa, sai ta yi kwana uku zuwa biyar kafin ta tara bikabonet mai yawa. Dattijon, huhunsa ya daɗe da lalacewa, kabon ɗinsa ya daɗe a sama, ƙodarsa ta riga ta tara kanwa har talatin da uku, shi ya sa pH ɗinsa ta dawo daidai. Sittin ɗinsa tsohon zama ne, da shi yake kwana da shi yake tashi. Ita kuwa telar, kanwarta tana nan inda take, alamar cewa kabon ɗin yanzu-yanzu ya taru, ƙoda ba ta ko ji labari ba, jini kuma ya yi tsami. Mai asma da ke huci, kabon ɗinsa ƙasa ya kamata ya yi, don yana korar shi. In ya dawo daidai ma abin tsoro ne, balle ya kai sittin. Ma'anarsa ta gaji, iska ba ta shiga ba ta fita. Shirun da ta yi ba sauƙi ba ne.

Na bar injin na bi su, don zuciyata ba ta ba ni in zauna ba. Likita ta iso tana cire safar hannu, ta sa abin sauraro a ƙirjin telar, ta matsa nan, ta matsa can.

"Ba na jin komai. Ƙirjin ya yi tsit." Ta girgiza kafaɗar telar. "Baiwar Allah, faɗa mini sunanki."

Matar ta buɗe baki, kalma ɗaya ta kasa fita.

Daga nan komai ya tafi da gudu. Goggo ta ƙara mata oksijin, ta sake haɗa maganin shaƙa ba tsayawa, aka ɗaura mata ruwan magnesiyam mai buɗe hanyoyin iska a jijiya, ƙari a kan allurar rage kumburin da aka riga aka yi mata. Likita ta kira likitan sa barci ta ce ya same su a sama, sashen kulawa ta musamman, da bututun numfashi a shirye. Aka turo gado. Mijin ya tsaya baki buɗe, Goggo ta ɗauki takalman ta danƙa masa.

"Riƙe su da kyau, ɗana, za ta buƙace su. Bi gadon."

A bakin ƙofa 'ya'yan mai burodi suka tare hanya. Sun ji an ce a shirya tsohon, yanzu kuma ga wata ana turawa.

"Wannan wane irin abu ne?" in ji babban. "Mu muka riga zuwa! Babanmu ya fi ta jin jiki, kowa yana jin ƙirjinsa. Ita barci ma take yi!"

Goggo ba ta ɗaga murya ba. "Ku matsa gado ya wuce, ni ba inda za ni. In ban gamsar da ku ba ku kai ƙarata."

Suka matsa. Da gadon ya shige, ta koma wurin dattijon, idonta ya faɗa kan ma'aunin oksijin da ke bango. Ta bar shi a lita biyu, ta tarar da shi a goma.

"Wa ya taɓa wannan?"

Na ukun ya sunkuyar da kai. "Na ga iskar ta yi kaɗan ne, Goggo."

"Kai ne mai kwaɓa burodi a gidanku?"

"Ni ne."

"In na zo na ga yis ya yi mini kaɗan a ido, na juye maka gwangwani guda, me za ka yi mini?"

'Yan'uwansa suka fara murmushi. Ta mayar da ma'aunin inda yake, ta nuna musu lambar oksijin da ke jikin na'urar yatsan mahaifinsu.

"Ku dubi nan. Tsakanin tamanin da takwas da casa'in da biyu muke so ta zauna. Ni da ku, casa'in da biyar zuwa sama. Baba kuwa, irin huhunsa, in aka cika masa oksijin kabon ne zai ƙara taruwa, ya fara gyangyaɗi, ku ce barci yake, alhali suma ce ke zuwa. Kun ji wannan kukan da ƙirjinsa ke yi? Iska ce ke wucewa. Waccan yarinyar ko kukan babu."

Ta zaro takardun biyu daga aljihu ta shimfiɗa a kan gado, ta bi da su lamba bayan lamba da bakin biro, kamar yadda aka taɓa yi mata. Ƙarti huɗu suka sunkuya a kan 'yar takardar da ba ta kai tafin hannu ba. Dattijon, da duk muka ɗauka ba ya ji, ya janye robar hancinsa ya ce da ƙyar, "To ni... ƙodata ce... jaruma ke nan?"

"Ita ce ta riƙe ka, Baba. Mayar da robar."

"Shekara arba'in... uwarsu na cewa... ba abin kirki a jikina."

Ɗakin ya fashe da dariya, har wani mai karyayyen hannu a gadon gefe yana dariya yana cewa wayyo.

Amma Goggo ba ta sake da shi ba. Ta ce musu sittin ɗin tsohon zama ne, gaskiya, sai dai mai irin wannan ciwo yana iya juyewa cikin awa guda, musamman da aka ɗan cika masa iska. In kabon ya hau, pH ta faɗi ƙasa da 7.35, za a sa masa injin rufe fuska mai tura numfashi. Aka ba shi maganin shaƙa da na rage kumburi da na kashe ƙwayoyin cuta. Bayan awa ɗaya ta sake huda shi a ɗaya hannun, yana mita wai ta mai da shi rariya. Ta kawo mini, ta tsaya a kaina, wannan karon ba ta buga ƙafa ba. Takarda ta fito: pH 7.38, kabon hamsin da takwas, kanwa talatin da uku. Ta ɗaga ta sama, ta fita baranda tana 'yar rawa da kafaɗa, takalmin yana ƙara.

Ita kuwa telar, suna isa sama aka sa mata bututu, inji ya karɓi numfashin. Likitan sa barcin ya ce da an ƙara rabin awa a ƙasa, da wani labarin ake yi. Kwana biyu tana kan injin. Duk safiya ana aiko mini da jininta, Goggo kuma sai ta leƙo, ko ba aikinta ba ne. Kabon ya sauko hamsin, ya sauko arba'in da biyu. Ranar Alhamis da rana aka cire bututun. Abin da ta fara tambaya, da dasasshiyar murya, shi ne ko an kashe dutsen guga a shago.

Likita mai tabarau ta zo ɗakina a ranar, ta same mu ni da Goggo muna shan shayi. Ta ce, "Goggo, na tambayi lamba ɗaya, na yanke hukunci a kanta. Ba zan sake ba."

Goggo ta tura mata kujera da ƙafa. "Hannunki yana cikin cinyar mutum, likita. Zauna ki sha shayi. Wannan ne ya kamata ya karanto miki duka ukun tun farko." Ta nuna ni da cokali. Gaskiyarta ce kuwa. Tun daga ranar, ko wa ya kira ya ce nawa ne kabon, sai ya ji pH da kanwa tare, ko yana so ko ba ya so.

Mai burodi ya yi kwana huɗu aka sallame shi. Goggo ta rubuta masa kati ta sa a leda, cewa duk asibitin da aka kai shi a riƙe oksijinsa tsakanin tamanin da takwas da casa'in da biyu, ta rubuta lambobin jininsa na ranar sallama don a san inda ya saba zama. Ta kuma sa 'ya'yan suka yi alkawarin ba zai ƙara tsayawa gaban tanda ba. Washegari ɗan nan na uku ya zo da kwali biyu na burodi mai zafi, sashen gaggawa ya yini yana ƙamshi, har masu gadi suka samu.

Goggo ta yi ritaya bara, amma duk Laraba tana zuwa koya wa sababbin nas-nas a wani aji da ke hawa na biyu. Jikokinta bakwai ne yanzu, gwiwarta ɗaya tana damunta, bakinta dai yana nan.

Wata Laraba ina taya ta raba tsofaffin takardun gwaji ga ɗalibai, sai muka ji ana hawowa bene da gudu ana magana. Telar ce, ta yi ƙiba ta yi haske, da tef ɗin awo a wuya. Tun daga matakala take bayani, wai ta je gida an ce Goggo tana nan, wai ta daɗe tana so ta ɗinka mata kaya amma mijinta ya kasa kwatanta mata girmanta, ya ce dai gajeriya ce mai faɗa, wai yanzu kullum safe da yamma tana shaƙar maganin rigakafin ba fashi, ta kuma buɗe taga biyu a shago saboda ƙurar yadi. Duk wannan a numfashi kusan ɗaya.

Goggo ta juya ga ɗalibanta. "Kun ji? Bene biyu ta hau, ba ta tsaya ta huta ba. Wannan ba sai an huda ta ba."

"Goggo, ɗaga hannu in auna."

"A gaban yara?"

"Ɗaga mana."

Goggo ta ɗaga hannu biyu sama, ɗalibai suna ta ƙyalƙyala dariya. Telar ta zagaya tef a ƙugunta, ta duba, ta naɗe tef ɗin.

"Nawa ne?" in ji Goggo.

"Ba zan faɗa a nan ba."

"Allah Ya yi miki albarka. Ki sa mini aljihu manya guda biyu, kuma kada ki matse hannun."